Kawu da oga, wa ake fara kira?

Assalamu alaikum. Dan Allah ina neman shawara. Wata huɗu kenan da fara aikina a wani ofis a Kano, kawuna da ya riƙe ni tun ina firamare zai shigo gari ranar Talata daga Gumel, kuma ya dage sai ya zo ya gaida ogana ya yi masa godiya. Kawu ya haura shekara 60, oga kuwa bai fi 38 ba. In na haɗa su wa zan fara ambata? Na ji ana cewa babba ake fara faɗa, toh a nan waye babban?

Wa alaikumus salam ƙanina. In a ofis ɗin ne, oga za ka fara kira, ka ce "Yallaɓai, ga kawuna". In da a gidanku ne ko wajen suna ko ɗaurin aure, kawu za ka fara kira ka ce "Kawu, ga ogan namu". Amma bari in warware maka dalili, dan na shekara da shekaru ina aikin tarbar baƙi da shigar da su wajen manya, daga baya kuma na riƙa gabatar da taro, kuma abin da na lura shine mutane na haddace wannan dokar ta "babba ake fara faɗa" ba tare da sun san aikin da take yi ba, shi ya sa duk randa suka haɗu da babba biyu sai su daskare.

Akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Wanda ka fara KIRA daban, wanda ka fara BAYYANAWA daban. In ka ce "Baba, ga abokina wane, tare muka yi makaranta", Baba ka fara kira, amma abokin ka fara bayyanawa. Ka ga an kai ƙarami gaban babba kenan, ba a ɗauko babba an kai shi gaban ƙarami ba. Wanda ka fara kira shi ka ba matsayin mai karɓar baƙo, shi ake kawo wa mutum. Toh duk rigimar nan a kan wannan take, wa ake kawo wa wa.

Kuma mu a wajenmu haɗa mutum biyu ba wai musayar suna ba ce kawai. Suna ma shine mafi ƙarancin amfani a ciki. Abin da kowannensu yake jira daga bakinka shine ya san irin gaisuwar da zai yi, zai miƙa hannu ne ko zai rusuna, zai tashi tsaye ko zai zauna abinsa, zai ce "Allah gafarta malam" ne ko "ranka ya daɗe" ko kuwa "ya ne mutumina". In ka gama maganarka suna kallon juna ba wanda ya san wa zai fara sunkuyawa, toh ba ka haɗa su ba, ko da ka jero sunayensu har na kakanni.

Yanzu mu zo kan naka. Kawu ya fi shekaru nesa ba kusa ba, ya haifi oga ma in an bi lissafi. Oga kuma shine mai wuri, ofis nasa ne, kujera tasa ce. Akwai hadisin Abu Huraira da Bukhari ya kawo, ƙarami ne ke yi wa babba sallama, mai wucewa ya yi wa na zaune, 'yan kaɗan su yi wa masu yawa. In ka ɗora shi a kan ranar Talatarka za ka ga kamar gaɓa biyu sun yi karo, dan kawu shine babba amma kuma shine mai shigowa. Ba karo ba ne. Sallama daban, gaisuwa daban. Sallama ta mai shigowa ce, kawu zai yi ta daga bakin ƙofa ko da wanda ke ciki jikansa ne. Gaisuwa kuwa, wato tashi tsaye da ɗan rusunawa da fara cewa "ina wuni Baba", wannan ta ƙarami ce, a wuyan oga take. Kuma oga ba zai san tana wuyansa ba sai ka gaya masa. Shi ya sa na ce shi za ka fara kira, saboda shine mai wuri, kuma shine mai buƙatar bayanin da gaggawa. Girman kawu kuma ba a jerin suna za ka saka shi ba, a cikin kalmomin da za ka bayyana shi da su za ka zuba shi.

Aikin ma tun ranar Litinin yake farawa. Ka samu oga lokacin da ba mitin a gabansa ka ce "Yallaɓai, kawuna da ya riƙe ni zai zo gobe daga Gumel, dattijo ne, yana so ya shigo ya gaishe ka, minti biyar ma ya isa". Kar ka yi masa ba-zata, ba abin da ke ɓata irin wannan ziyarar kamar a bar dattijo a benci wajen sakatare awa guda yana jan carbi yana kallon agogo. Kalmar "dattijo" ɗin nan kar ka bar ta, ita ce rabin aikin. Shi ma kawu a hanya ka gaya masa sunan oga da muƙaminsa da garinsu in ka sani, ka kuma ce masa "Kawu, yaro ne fa, bai kai arba'in ba". Dalili, mutanenmu na karkara in aka ce oga sai su zana wani ƙaton mutum mai furfura a ransu, ya shiga ya cire takalmi tun daga ƙofa ya zube ƙasa kafin ma ya ɗaga kai ya ga ashe sa'an ɗansa ne, shi kuma ogan kunya ta rufe shi ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar kuma kai za ka ƙwanƙwasa, ka leƙa ka ce ga shi mun iso, ka matsa gefe kawu ya shiga gabanka. Zai yi sallama, oga ya amsa. Toh a nan ne gurbinka yake, tsakanin "wa alaikumus salam" da "ina wuni", ɗan tsakanin nan da bai fi numfashi biyu ba. In ka riga sallama magana ka yi azarɓaɓi. In kuma ka bari suka shiga ina wuni ina gajiya ya aiki, toh an riga an yi gaisuwar a makance, kowa ya riga ya zaɓi yadda zai tsaya, bayaninka ya zama ihu bayan hari. A wannan gurbin za ka ɗan rusuna ka ce

"Yallaɓai, ga kawuna da na gaya maka, wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni ya sa ni a makaranta."

In ƙaninta ne ka ce ƙaninta. Ka lura ban sa sunansa ba. Ba mantuwa na yi ba. Mutumin da ya riƙe ka matsayin uba yake, kuma ɗa ba ya kama sunan uba gatsal a gabansa, kai ma ka san bakinka zai yi nauyi. In akwai laƙabin da aka san shi da shi, Alhaji ne, ko Malam, ko Liman, ko yana da sarauta ko da ta mai unguwa ce, toh wannan za ka faɗa, dan shi zai nuna wa oga kalmar da zai gaishe shi da ita. Liman ko malami "Allah gafarta malam" yake karɓa, mai sarauta "ranka ya daɗe", wanda ba ko ɗaya "Baba" ta wadatar kuma tana da daɗin ji. In oga na buƙatar cikakken suna, ka riga ka ba shi jiya, ko shi kawun ya faɗa da bakinsa.

Sai ka juya ga kawu, ka ƙara yin ƙasa fiye da yadda ka yi wa oga, ka ce "Kawu, wannan shine ogan namu da nake ba ka labari, shi yake koya min aiki". Shikenan. Ka ja baya taku ɗaya ka yi shiru. Wannan shirun yana cikin aikin, yara da yawa a nan suke ɓatawa, sun gama haɗawa amma tsoro ya sa sai su ci gaba da zuba, suna amsa wa kawu tambayar da aka yi masa, suna fassara Hausa da Hausa. Bar su su gaisa har ƙarshe, an zo lafiya, ya hanya, ya aka baro mutan gida, ya ƙoƙari, ya haƙuri da yaron namu. Dattawa ba sa son a datse musu gaisuwa. Kar ka zauna sai an ce ka zauna, kuma ko an ce, ba a kujerar da ke daidai da ta kawu ba.

Maganar hannu. Ƙarami ba ya fara miƙa wa babba hannu, babba ne ke miƙawa in ya ga dama, ƙarami ya karɓa da hannu biyu ko ya dafe damtsensa da hagu yana ɗan sunkuyawa. In oga ɗan gida ne ya san wannan, da ya ji "shi ya riƙe ni" za ka ga ya miƙe ya zagayo daga bayan tebur. In ba Bahaushe ba ne kuma ya riga miƙa hannu ba komai, kawu zai gane, ba raini ba ne. Kai dai naka hannun, in za ka nuna mutum ka buɗe tafin dama, ba a nuna dattijo da ɗan ali, da hagu kuwa ko a mafarki.

Bari in ba ka nawa kuskuren dan ka ga abin da kalma ɗaya ke jawowa. Farkon fara aikina wani tsoho ya zo daga garinmu neman ganin daraktan da nake ƙarƙashinsa, riga 'yar shara ce a jikinsa duk ta koɗe, da silifas, da 'yar leda a hannu. Na san shi sarai, limamin masallacin unguwarmu ne, rabin manyan garin a zaurensa suka yi allo. Amma ni a lokacin kaina na hayaƙi, sabon ma'aikaci, sai na shigar da shi na ce "Yallaɓai, wani mutumin garinmu ne yake son ganinka". Wani mutum fa na ce. Darakta yana rubutu, ko kai bai ɗaga sosai ba, ya miƙo 'yan yatsu daga zaune ya ce "to Baba me ke tafe da kai". Tsohon bai nuna komai ba, ya faɗi buƙatarsa a tsaye, ya yi addu'a ya fita. Bayan kwana biyu labari ya zagayo ta wajen wani, darakta ya kira ni ya rufe ƙofa ya ce min "ka sa na yi rashin kunya da hannuna". Kuma gaskiyarsa ne wallahi. Shi bai san limamin ba, ni na sani. Sai da muka shiga mota ranar Asabar muka je har gida aka ba da haƙuri. Tsarin sunan ban yi kuskure ba fa, darakta na fara kira kamar yadda ya kamata, abin da na saka bayan "ga" ɗin ne fanko.

Yanzu a ce abin ya juya, oga ne ya zo gidanku, ko ya zo ɗaurin aurenka kawu na zaune a kan tabarma cikin dattawa. Nan muƙami ya tsaya a bakin ƙofa tare da takalmi. Kai za ka fara durƙusawa gaban kawu ka ce "Kawu, ga ogana na wajen aiki, ya zo taya mu murna", oga ya yi sallama ya rage tsawo ya gaishe shi. Ba sai ka juya ka ce wa oga "wannan kawuna ne" ba, ya riga ya ji ka kira shi Kawu, sai dai ka raɗa masa tun kuna tahowa wanene wanene a cikin mazauna wurin. In dattawan na da yawa ka fara da mafi girma, in ba ka iya bambancewa ba ka fara daga dama ka bi layi, ba mai jin haushin dama. A hanya ko a kasuwa kuwa, inda ba mai wuri, shekaru ne ke hukunci, kawu za ka fara kira.

Wuri ɗaya ne shekaru ke sauka ƙasa ko ina aka haɗu, wato gaban sarauta. Hakimi ko sarki ko da yaro ne shi ake kawo wa mutum, dattijo mai shekara 80 zai cire takalmi ya faɗi gaisuwa kuma ba wanda zai ga abin a matsayin ƙasƙanci, dan rawanin ake gaidawa. Kuma ba a kiran sunan yanka, sarautar ake kira, Galadima, Waziri, Ciroma. A fada ma ba kai za ka gabatar da baƙonka kai tsaye ba, akwai masu wannan aikin, su za ka gaya wa ko waye da abin da ya kawo shi, su isar, su kuma amsa gaisuwar a madadin sarki. In ka samu kanka a can ka bi bakinsu kawai.

Wata rana Hajiyarka ce za ta zo ba kawu ba, toh duk abin da na faɗa yana nan, sai ƙari ɗaya, in ogan ba ɗan nan ba ne ka gaya masa tun da wuri cewa ba a miƙa hannu, gaisuwar baki ce da ɗan rusunawa. Ka cece shi daga tsayawa da hannu a iska. Kuma in ka yi aure, matarka "iyalina" ce ko "mai ɗakina" ko Maman wane, ita ma ba za ta kama sunanka a gaban mutane ba, Abban wane za ta ce ko maigidan. In kana tafe da mace, ƙanwarka ce ko matarka, kuka haɗu da wanda ya san ka bai san ta ba, kar ka bar shi da zato, faɗi ko wacece tun kafin ya tambayi zuciyarsa. Annabi sallallahu alaihi wa sallam da kansa ya yi haka, yana raka Nana Safiyya da dare lokacin yana i'itikafi, mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri, ya tsayar da su ya ce musu Safiyya ce 'yar Huyayyu.

Wani abu kuma game da dangantaka, ka kula da yadda kake auna ta a gaban mai ita. Kawu da baffa da gwaggo da inna kalmomi ne masu daraja, ba laifi ka faɗe su. Amma ɗan kawun nan naka da kuka tashi ɗaki ɗaya, in ka gabatar da shi ka ce "ɗan kawuna ne" zai iya jin kamar ka tura shi waje, "ƙanina ne" ko "yayana ne" ake cewa, mai son ƙarin bayani ya tambaya daga baya. Haka matar uba, "mamata ce", ba "kishiyar mamata" ba, subhanallahi, na taɓa jin yaro ya faɗi haka a gaban mutane sai da wurin ya yi tsit.

In ƙarami kake kai wa dattijo kuma, suna kaɗai ba ya gamsar da shi. Za ka ce "ga wane" ya ce "ɗan wa ye?" ko "na wane gida?". Duk randa ka ji wannan tambayar ka san ka bar rami a bayaninka. Dattijo so yake ya san inda zai rataye mutum, ɗan gidan wane ne na unguwa kaza, jikan wance, sai ka ga fuskarsa ta saki ya ce "af, ai kakanka abokina ne", gaisuwar ta canja launi nan take. Kar ka yi mamaki in kawu ya yi wa oga irin wannan tambayar ranar Talata, "Yallaɓai mutumin ina ne?", ba bincike ba ne, neman igiya yake.

Tsakanin sa'anni kuwa kar ka wahalar da kanka, duk wanda bakinka ya fara kamawa. Abin da ya fi amfani shine ka jefa musu abin da zai haɗa su, in ɗaya Bakano ne ɗaya Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, faɗi kawai ka koma gefe, wasan da ke tsakaninsu zai ƙarasa maka aikin, kafin ka ankara wani na kiran wani bawansa. In ka manta sunan ɗaya, "ku gaisa mana" tana fitar da kai a tsakanin abokai, su da kansu za su faɗi suna. A gaban babba ba ta aiki, gara ka bayyana mutumin da abin da ka tuna, tare muka yi hidimar ƙasa, maƙocinmu ne a da.

Ranar Talata in kuna ciki ka sa ido a kan abu biyu. In ka ga kawu na shirin zubewa ƙasa, yi maza ka jawo masa kujera ka ce "Kawu bismillah ga wuri", ka tare abin ba tare da ka ce masa kar ya yi ba. In kuma oga bai tashi ba, wataƙila hankalinsa na kan waya bai ji ka da kyau ba, ka maimaita a hankali kamar ƙarin bayani kake, "shine babanmu a gida yanzu Yallaɓai". In ya ji wannan bai motsa ba toh ba daga gare ka ba ne, kar ka sake nanatawa, ka bari a gaisa a fito.

Kuma kusan tabbas kawu ba zai zo hannu rabbana ba, ko man shanu ne ko zabi ko ɗan buhun riɗi. Kar ka bari ya shiga ofis yana rungume da kaya, kai za ka riƙe, ko ka bar su wajen direban oga ko masinja, sai an gama gaisuwa an yi addu'a kawu na shirin tashi sannan ka ce "Yallaɓai, ga ɗan saƙo Kawu ya taho da shi". In ofis ɗinku na da dokar hana karɓar kyauta, tambayi wani tsohon ma'aikaci tun Litinin, dan ka san yadda za ka lallashi kawu ya bar zabin a gida.